Wasiƙar da ba ta ambaci auduga ba

Kaka uku muka yi da wani abokina a kan sikeli ɗaya a kasuwar auduga, kafin in bar aikin in zauna a zaurena a Tudun Wada ina rubuta wa mutane wasiƙa. Da wani kamfani ya buƙaci mai duba auduga, sai ya zo ya ce, “Malam, rubuta wa babban akawunsu abin da ka sani game da ni.”

Na kuwa san abubuwa. Hannu kawai yake cusawa cikin buhu ya gane audugar da aka yayyafa wa ruwa don ta yi nauyi. Bai taɓa danne sikeli ba. Aibinsa ɗaya, ba shi da sauri.

Ko ɗaya ban rubuta ba. Ɗan malamai ne, na ga kamar ƙasƙanci ne in yabe shi da aikin buhu. Na cika takarda da gaisuwa da addu'a, na kawo asalinsa har kakansa, na ce mutum ne mai kunya da riƙon addini.

Aka ɗauki wani. Daga baya na tare akawun a tasha da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, “Malam, na karanta har ƙarshe. Ban ga auduga a ciki ba.”

Shi kuwa abokina karɓo wasiƙar ya yi, ya adana ta cikin gafaka. Har ya rasu yana fito da ita yana nuna wa baƙi, yana sa mini albarka.