Ku Sanyo Ɗinkin Tela

Tela ba ta taɓa zama mace mai daɗin baki ba. Idan yadi bai dace da ke ba, tun ba ki zauna ba za ta gaya miki. Amma idan ta auna ki, to ta auna ki, shi ya sa sama da shekara arba'in mutane suke jure bakinta suna kawo ɗinki. Mijinta ya rasu ya bar mata yara da keken ɗinki na ƙafa, baƙi, mai ƙara kamar injin niƙa. Da shi ta ciyar da su, da shi ta sa su makaranta, a wani shago mai ƙofa ɗaya tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti.

Da idonta ya fara gardama da kafar allura, ta ce ta ajiye almakashi. Yaran suka ce sai an yi mata liyafa. Kowa ya zaci za ta ƙi, sai ga ta ta fi kowa rawar ƙafa. Ta zaɓi ɗakin taro, ta kori mai abinci ɗaya ta ɗauko wata, ta hana 'ya'yanta sakat da waya.

Mutum ɗaya take so ta gani a wurin fiye da kowa: Doguwa, aminiyarta, wadda suka koyi ɗinki tare suna 'yan mata. Doguwa ta auri ɗan kasuwa, a zamanin da suke da shi kyautarta ce take fin ta kowa a taro. Sai ciwo ya kwantar da mijin, kasuwa ta karye. Tun daga nan duk katin da aka kai mata sai ta ce ƙafa ta matsa mata. Tela ta san ƙafar nan lafiyarta ƙalau. Zuwa hannu rabbana ne Doguwa ba za ta iya ba.

Ranar buga kati suka tafi su uku, ita da babbar 'yarta mai aikin banki da Auta. Shagon yana warin tawada, takardu jibge har bakin taga. Mai buga kati ya juyo musu da fuskar kwamfuta: suna ya zauna, rana da wuri sun zauna, saura layin ƙasa.

"A nan ake sa maganar kyauta, da ƙananan haruffa," in ji shi. "Me za a rubuta?"

"Lambar asusu," in ji babbar. "Inna, ɗakinki ya cika da kuloli da butocin shayi. Wanda ya yi niyya ya turo kawai."

"Katin gayyata nake bugawa ko takardar kuɗin wuta?" Tela ta harare ta. "Rubuta: ba a son kyauta."

Auta ya fashe da dariya. "Inna, wannan ai kora ce. Kawu zai ce kin yi arziki kin raina abin hannunsa."

Mai buga kati ya ce akwai mai laushi wadda aka fi nema: *Zuwanku shi ne kyautarmu.* Tela ta maimaita a bakinta, fuskarta ta washe, ta buga tebur ta ce a buga haka.

"Zan buga, Mama, amma bari in gaya miki abin da masu shi suke dawowa suna faɗa min. Rabin mutane ba sa yarda da layin nan, suna ɗauka kara ce kawai. Su zo da kwali niƙi-niƙi, wanda ya bi maganar kati ya tsaya a baya yana jin kunya."

A ranta Tela ta hango Doguwa a bakin ƙofa, hannu sake, matar Kawu tana wucewa ta gabanta da ƙaton kwali mai ƙyalli. Doguwa ma ta san hakan zai faru, don haka ba za ta fito ba.

"To yaya ake yi?"

"Hannun mutum ba ya son zama banza. In kin hana shi abu, ki roƙe shi wani, mai sauƙi. Wasu suna cewa a zo da tsohon hoto."

Idon Tela ya sauka a kan rigar 'yarta, ɗinkinta ne na bara, kafaɗa zaune daram. Ta miƙe tsaye har kujera ta faɗi.

"Ɗinkina! Duk garin nan wa ban ɗinka wa ba? Su sanyo su zo!"

Suka hau gyaran magana kamar masu yankan yadi mai tsada. Tela ta ce a rubuta *kada a kawo.* Auta ya ce *kada* tana da kaifi, a sa *a huta.* Babbar ta ce to wanda ba a taɓa yi wa ɗinki ba fa, ya zauna a gida? Aka ƙara masa nasa. Mai buga kati ya fitar da guda ɗaya na gwaji, Tela ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake, ta karanta da ƙarfi:

*Don Allah a huta da ɗawainiyar kyauta. Roƙon Tela ɗaya ne: wanda ta taɓa yi wa ɗinki ya sanyo shi, komai tsufansa. Wanda ba shi da shi, ganinsa ya isa.*

"Ƙara wa haruffan girma," ta ce. "Tsofaffi na gayyata. Kuma ke babbarsu, ban yarda a ajiye teburin kyauta ba. Wanda ya yi taurin kai ya kawo, a karɓa a waje, a yi godiya, a kai mota."

Da kanta ta kai wa Doguwa katin. Doguwa ta karanta har ƙasa, ta ajiye, ta ce ƙafar dai sai a hankali. Tela ta yi mata sallama ta tafi ba gardama, abin da bai taɓa faruwa ba.

Ranar liyafa ɗakin ya zama abin kallo. Mai gyaran agogo ya zo cikin rigar da maɓallanta suke neman agaji a kan tumbinsa. Wata malamar asibiti ta rataya rigar makarantarta ta firamare a wuya. Matar Kawu ta zo da kwalinta duk da haka, Auta ya tare ta a waje da godiya har da durƙuso. Tela tana zagayawa tana jan hannun riga, tana faɗin shekarar kowane yayi, tana zagin waɗanda suka yi ƙiba suka ɓata mata aiki. Amma idonta yana ƙofa.

An fara raba abinci sai ga Doguwa, tana tafiya garau. Rigar jikinta shuɗiya ce da ta koɗe, hannun dama ya fi na hagu tsawo, wuyan ya karkace. Ita ce riga ta farko da Tela ta taɓa ɗinka wa wani mahaluki. Ɗaki ya ɗauki shewa.

Tela ta ratsa mutane ta tsaya a gabanta, ta kama dogon hannun ta ɗaga.

"Wa ya yi miki wannan ɓarnar?"

"Wata 'yar koyo ce mai baƙin baki," in ji Doguwa. "Ta ce in dawo ta gyara, har yau ina jira."

"Ina ƙafar?"

"Ta ce in gaishe ki."

Tela ta zare fil daga bakin ɗankwalinta, ta naɗe hannun rigar ta soke shi daidai da ɗan uwansa, sannan ta ja ta zuwa kujerar da ke kusa da tata.