Boris Mai Suna Uku

Quach Dinh Khoat ya yi ƙuruciyarsa a ma'aikatar gyaran jiragen ruwa ta Hai Phong, hannu dumu-dumu da baƙin mai, kafin ya koma tebur yana fassara littattafan injina. Da Rashanci ya fara, daga baya ya koma Turanci. A ƙaramin kamfanin fassarar da ya tsufa a ciki, duk wanda kalma ta shige wa duhu wurinsa yake zuwa. Ya daɗe yana jin daɗin wannan, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Sai ga wani aiki daga masu ƙera injinan tura ruwa, littafin jagora mai kauri kamar bulo, za a mai da shi Biyetnamanci. Mutum huɗu aka raba wa. Shugabar kamfanin, Luyen, ta ce dole wani ya riƙe ƙamus ɗin aikin, inda kowace kalmar Turanci ke da fassara ɗaya tak wadda masu aikin, wato masu injinan, suka amince da ita. Khoat har ya gyara zama. Sai ya ji ta kira sunan Diep, 'yar Saigon ɗin da shi ya koya wa karanta zanen inji.

Boris, zoben ƙarfen nan da sandar inji ke juyawa a cikinsa, shi ne ya jawo rigimar. 'Yan arewacin ƙasar, irin su Khoat, suna ce masa vòng bi, 'yan kudu irin su Diep su ce bạc đạn, littattafan injiniyoyi kuwa ổ lăn. Diep ta tuntuɓi masu aikin, suka zaɓi ta ukun.

"Wane bakanike ne zai ce ổ lăn da bakinsa?" in ji Khoat.

"Baffa, ni ma ai ba ta garinmu aka ɗauka ba," ta ce tana dariya. "In littafi ya kira abu ɗaya da suna uku, mai odar kayan gyara zai zaci abu uku ne."

Ya san gaskiya ta faɗa, abin da ya ƙara ƙona masa rai ke nan.

Akwai kuma rumbun fassara, wanda ke adana kowace jimla da fassararta, in jimlar ko mai kama da ita ta sake fitowa ya miƙo wa mai aiki. Rabin abin da ke ciki gumin Khoat ne na shekaru. Yana wucewa ya hango jimlolinsa a kwamfutar Diep, ta taɓa kalma biyu ta wuce, a taron safe kuma a yaba saurinta.

Sai ya ci gaba da rubuta vòng bi. Ƙamus ya nuna masa ổ lăn a gefen allo, ya kau da kai. Bai yi tunanin inda abin zai kai ba. Duk jimlar da ya tabbatar, cikin rumbun take shiga, kuma gargaɗin shafa wa boris mai yana maimaituwa a kusan kowane babi. Sauran biyun, wato su Tuyet, suka riƙa ganin jimlar ta zo musu daidai ɗari bisa ɗari, suna karɓa ba dubawa.

Da Diep ta sa manhaja ta gwada littafin da ƙamus, jan gargaɗi ya cika allo. Kowace jimla a rumbun tana ɗauke da sunan wanda ya shigar da ita. Ta same shi a shagon shayin bakin titi, bisa 'yar kujerar roba.

"Baffa, vòng bi ɗinka ya haihu, har da jikoki a babin su Tuyet."

"To je ki faɗa wa Luyen mana."

"In ce mata me? Ka gyara naka a rumbun, ni in bi babi-babi. Ba na son in sauya su duka a bugu ɗaya, akwai inda boris ɗin na musamman ne, mai ƙwallaye, sunansa daban a ƙamus. Kai ka fi ni gane su."

Da ta kai ƙararsa, da ya sami abin riƙewa. Ya koma ya zauna yana goge kalmarsa da hannunsa, jimla bayan jimla, bai bar ko ɗaya ba.

Littafi ya tafi, masu aikin suka rubuto cewa ba su taɓa samun fassara mai baki ɗaya irin wannan ba. Lokacin bikin tsakiyar kaka ne, suka haɗo da kwalin kek ɗin bikin, mai siffar farin wata, sunan Diep a jiki. Ta yanka, ta fara miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya naɗe a takarda, wai cikinsa a cike yake.

A gida matarsa ta ɗanɗana ta ce kai, wannan mai tsada ne.

"Sukari ya yi masa yawa," in ji Khoat. "'Yan kudu komai sai sun zuba masa sukari."

"A Hanoi aka yi shi, nan arewarmu," in ji ta. "Ga tambarin nan a jikinsa."

Ya jawo farantin gabansa ya cinye sauran.