Muryar Ba Umara a Cikin Katifu

Duk wanda ya daɗe yana shiga Kasuwar Monday ya san muryar Ba Umara kafin ya san fuskarsa. Mutumin unguwar Gwange ne, siriri kamar kara, amma idan ya buɗe baki har masu keke a bakin titi sai sun waiga. Shela ce sana'arsa tun yana saurayi. In yaro ya ɓata, ko sabon kaya ya sauka, shi ake kira ya zaga layi-layi yana faɗa da Kanuri da Hausa.

Sai ƙananan lasifikoki suka shigo, irin waɗanda ake sa wa kati su wuni suna maimaita talla. Wannan bai dame shi ba, ai dole a nemi muryar da za a zuba a ciki. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne muryar da aka zuba: ta Abdulwahab mai katifa, mutumin da ko sallama ya yi sai an ce ya maimaita. Layin takalma Abdulwahab, layin sabulu Abdulwahab.

"Murya kamar ta mai mura," in ji Ba Umara ga duk wanda ya tsaya saurare.

Ya sayi ƙaramin makirfo mai igiya, irin na Abdulwahab sak, ya jona a wayarsa. Madam Nneamaka mai robobi, wadda ya daɗe yana yi wa shela, ta ce ya ɗauko mata talla, in ta fita da kyau tasa za ta sa.

A tsakiyar layi ya tsaya, ya miƙe hannu da makirfon can nesa don kada ƙarfin muryarsa ya ɓata shi, ya kwarara. Da suka kunna sai ga janareto, ga hon ɗin motoci, ga mai rake, shi kuma can ciki. Ya kawo shi bakinsa ya sake kwararawa. Wannan karon muryar ta farfashe kamar ana yaga kwali.

"Baba, wannan ai kwastoma zai kora," in ji Madam. "Ko in kira Abdulwahab?"

Washegari ya je shagon katifa, wai wucewa yake yi.

Abdulwahab ya gaishe shi da Kanuri. "Wushe, Ba Umara. Yau manya a shagona?"

"Makirfon nan naka, a ina ka saya? Nawa jabu ne."

Abdulwahab ya juya shi a hannu. "Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da nawa. Shigo ka gani."

Ya kai shi can ƙurya, ya jingina katifa a dama, wata a hagu, ya tare ƙofa da wata. Hayaniyar ta ja baya, sai gurnanin janareton maƙwabci, wanda Abdulwahab ya ce katifa ba ta iya masa. Ya leƙa ya roƙa aka kashe na ɗan lokaci. Ya yanko guntun soso ya rufa wa makirfon saboda iska, ya riƙe shi taƙi guda daga bakin Ba Umara, ɗan gefe kaɗan don kada huci ya buge shi.

"Abin da ya fi kusa da shi ya fi ji. In kana kusa, kasuwa tana nesa. Amma in ka yi masa ihu sai ya shaƙe. Yi magana a hankali, lasifika ce za ta yi ihun."

"Ni ban iya raɗa ba. Wannan aikinku ne."

"To yi kamar kana gaya wa mutum ɗaya, wanda ke kwance kusa da kai."

Ba Umara ya dubi makirfon. Rabonsa da irin wannan magana tun jinyar 'yarsa Rahmat, wadda ba ta tashi ba. Ya gyara tsayuwa, ya faɗi bokiti da baho da kofuna da waccan muryar.

Da aka sa masa abin saurare a kunne, ya ji ta fes, ba hon ba janareto, har numfashinsa. Ta fi ta Abdulwahab nesa ba kusa ba, kuma ya faɗa masa haka.

Madam ta sa katin a lasifika da safe. Ba Umara ya raɓe kusa da shagon yana jira a gane shi. Mata suka tsaya, suka saya. Sai Justin mai gyaran agogo ya ɗago kai ya ce, "Kai, Abdulwahab ya ƙara gogewa! Ba Umara, kana jin yadda ake talla?"

"Ni ne nan!"

Aka kwashe da dariya. "Kai? Ai da kai ne da robobin sun tsage."

Ba wanda ya taɓa jin wannan muryar a kasuwa, sai a gida, kuma mai shaidar ta ba ta nan.

Ba Umara ya dubi lasifikar kamar yadda ya saba duban shagon katifa. Ya matsa gabanta, ya cika ƙirji, ya kwarara tallar bokiti har ya danne ta. Masu keke suka waiga.

Har yanzu in ka bi layin robobi da hantsi za ka same su su biyu, ita tana faɗa a hankali, shi yana ƙoƙarin fin ta.