Rasit a Cikin Azara

"Inna, rahoton hukumar tarihin bashi ya ce ba ki biya rancen bara ba," in ji ma'aikaciyar banki a Gumel. "Makinki ya faɗi, babu sabon rance."

Na karɓa na karanta da kaina, ina haɗa baƙi da ƙyar. Sai da na tsufa na koyi karatu, ga ladan: sunana cikin maciya bashi, alhali na biya!

Ta ce in kawo shaida su tura a gyara.

Tun zamanin jahilcina, kowace takarda cikin azara nake cusa ta, kada ya zama da sunan Allah a jiki. Na koma gida na zazzago su duka, har ta maganin basir. Ga rasit, gara ta ci gefe. Na kai banki, bayan sati uku aka gyara, aka ba ni sabon rance na sari riɗin sana'ata.