Ragowar Inshorar Siton Alhaji Hammajoda

Andrawus mutumin Bogoro ne. Ya koyi lissafi a makarantar mishan, ya zo Bauchi yana saurayi, ya zama akawun Alhaji Hammajoda, mai siton kananzir da yadi a Ƙofar Dumi. Shi da matarsa Dorcas a ɗakin da ke jikin siton suke zaune.

Kowace Janairu Alhaji kan ba shi fam sittin a hannu, ya kai Jos ya biya inshorar gobara ta shekara guda. In ya dawo ba ya zuba kuɗin duka cikin abin da aka kashe. Sai ya rubuta su a matsayin dukiyar da aka biya tun gaba, duk ƙarshen wata ya yanki fam biyar ya mayar cikin kashe-kashen watan. Alhaji bai taɓa yi masa gardama ba.

A daminar shekarar samun 'yancin kai Alhaji ya rasu. Ɗansa Mansir ya gaji siton, ya cika shi maƙil saboda cinikin bikin 'yancin kai, kuɗin hannu suka ƙare. A ƙarshen Agusta ya zauna duba lissafi.

"Malam Andrawus, wa kake ba fam biyar duk wata?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Tun Janairu kuɗin suka fita. Kowane wata rabonsa yake ɗauka."

"To wannan fam ashirin da ka sa cikin dukiyata, tana ina?"

"Ba kuɗi ba ne a akwati. Kariyar wata huɗu ce da ta rage."

"In dai tawa ce, je ka karɓo min."

Andrawus ya roƙe shi kada a soke inshorar, Mansir ya ce shekara nawa ana biya ko tabarma ba ta ƙone ba. Haka Andrawus ya hau mota zuwa Jos. Kamfanin ya soke inshorar, ya cire nasa, ya mayar da fam sha biyu. Sauran takwas Andrawus ya rubuta su asara.

Tun daga ranar hancinsa ya daina shaƙar komai sai kananzir. In mai ƙosai ta hura wuta a bakin lungu, sai ya bar aiki ya tsaya kallonta.

Bayan biki da 'yan kwanaki, da azahar, wuta ta tashi a gidan wani maƙeri da ke kusa da siton. Ta ci rumfuna, ta lashi katangar siton har ta yi baƙi, sannan iska ta juya.

Mansir ya dafa katangar yana dariya. "Ka gani ko, Malam? Baɗi ma ba za mu biya ba."

Kashegari Andrawus ya kama haya a unguwar Yelwa, ya kwashe iyalinsa. Bai bar aikin ba, amma ya mayar da teburinsa dab da ƙofa, kuma bai ƙara yarda a rufe ta yana ciki ba.