Wayar da Ba a Goge Ba

Shekara goma sha biyar Dogo yana gyaran waya a ƙarƙashin benen kasuwa, kuma ba abin da ke tayar masa da zuciya kamar aikin maƙwabcinsa, Sarkin Shara. Maganin Sarkin Shara ɗaya ne: waya ta yi nauyi, a goge komai.

Ranar nan wata malama ta miƙa wa Sarkin Shara wayarta, tana cewa ta yi nauyi, kuma muryar 'yarta marigayiya tana ciki. Ko sauraronta bai yi ba, yatsansa ya nufi gogewa. Dogo ya fizge wayar.

"Tir! Don ɗaki ya cika sai ka ƙone gida?"

Ya share tarkacen wucin gadi da manhajoji suka tara har ma'ajiya ta cushe. Ya tsayar da manhajoji tara da ke aiki a ɓoye, ya kashe rangwaɗar da allo ke yi kafin ya buɗe abu.

"Yaya, ƙwaƙwalwar aikinta ƙarama ce, manhajoji kuma kullum ƙiba suke. Ba za ta koma sabuwa ba."

Malamar ta danna, muryar yarinyar ta fito tana dariya.

"Hakan ma ya ishe ni," ta ce.

Dogo ya juya kujerarsa, ya ba maƙwabcin baya.