Kason Gidan Gwaggo

Kakanmu ya bar makarantar allo a Kurfi, ya kuma bar 'ya'ya huɗu. Tun daga nan duk hidimar da ta taso a dangi, gida huɗu ake raba ta. A baki abin ya yi tsaf. Amma mu a gidan babanmu mu goma ne, kason da ke zuwa kan kowa bai wuce kuɗin katin waya ba. Gidan marigayiya Gwaggo kuwa mutum ɗaya ne tak, taubashina, manomi a Tamawa. Shi kaɗai yake ɗaukar abin da mu muke ɗauka mu goma.

Shekarar da yaran dangi suka yi saukar Alƙur'ani tare, aka sa walima dab da faɗuwar damina. Yayanmu, wanda ke riƙe da makarantar yanzu, ya turo kason kowane gida a guruf ɗin jikoki na waya. Kowa ya shiga cewa Allah ya ba da iko. Ni ma na faɗa, sai matar taubashin nawa ta kira ni, muka gaisa, a cikin hira ta ce maigidan zai kai sa ɗaya kasuwa. Shanun huɗarsa biyu ne. Wanda ya sayar da ɗaya a wannan lokaci ya sayar da daminarsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni malamar firamare ce a Dutsin-Ma, kuma an san ni da baki, don haka na zauna na tsara magana. Ban rubuta ba, murya na tura, saboda rabinmu ajami suka iya, dogon rubutun boko wuce shi suke yi. Na ce a haɗa kuɗin shinkafa da nama da rumfa, a raba kan jikoki masu abin yi, kowa daidai da kowa. Ɗalibai da waɗanda mazansu suka rasu a ɗauke masu. Mai hatsi ko itace ya kawo, a yi masa kuɗi a farashin kasuwar makon. Mai son ya ƙara a kan kasonsa ya kai wa Yaya a ɓoye. Ban ambaci sunan kowa ba.

Guruf ya yi tsit, irin tsit ɗin da kana ganin kowa ya saurara. Na san dalili: sabon tsarin gidanmu ya fi taɓawa. Ƙanena da ke aiki a Katsina ya biyo ni ta gefe, wai na tona mana aljihu. Na ce ai dama a tone yake, wani ne ke cike shi. Yaya ya ce haka muka tarar iyaye na yi. Na amsa da ladabi cewa iyayen su huɗu ne, kowa kansa ya ɗauka, tsarinsu ma kai-da-kai ne.

Wanda ban zata ba shi ya ƙi. Taubashina ya turo murya gajeriya, ya ce shi a bar shi yadda ake.

Ranar Asabar na hau mota zuwa Tamawa. Na same shi yana ba shanun harawa.

"Malama sarkin lissafi," ya ce, "kin zo ki ƙirga mani haƙora?"

"Na zo in ga mai kuɗin da ke ƙin ragi. Mi ya sa ka kunyata ni gaban jama'a?"

Ya daina dariya. "Hajiya, tunda inna ta rasu, ina kika ƙara jin an ce gidan Gwaggo? Sai wajen rabon nan. Ku ɗiyan maza kuna da makaranta, kuna da zaure. In aka koma kai-da-kai, ni ɗaya ne cikin taro, ita kau ta ɓace."

Ban taɓa kallon abin ta nan ba, kuma ya taɓa ni. Amma san da za a sayar yana gabana yana tauna, ban ga dalilin da zai sa ya tafi ba.

A tsakar gidansa na sake tura murya. Na ce gidaje huɗu suna nan, da sunansu za a kira kaso, da sunansu za a yi addu'a ranar walima, a fara da gidan Gwaggo tunda ita ce babba. Sai dai nauyin kowane gida gwargwadon kawunan da ke cikinsa. Na ƙara da cewa nawa kason na riga na tura wa Yaya a sabon lissafi, mai ja ya zo ya karɓo shi.

Yaya ya ce Allah ya yi albarka, wanda a bakinsa shi ne amincewa. Sauran suka biyo baya, ƙanena a ƙarshe.

Taubashina ya saurari saƙon sau biyu, waya a kunne. Sannan ya ce wa matarsa ta auno gero. Da ta tambaye shi zancen kasuwa, ya ce ba inda za shi, akwai gonar inna da ke jiran huɗa.